Yadda Ake Sallamar Mai Gidan Haya a Sakkwato da Karɓar Takardar Shaida Kafin a Miƙa Mabuɗi

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu shirin tashi daga gidan haya, musamman ma'aikatan da aka sauya wa wurin aiki da ɗaliban da suka kammala karatu: me zan rubuta wa mai gida, kuma ta yaya zan roƙe shi takardar shaida ba tare da ya ga kamar don ita kaɗai na gode masa ba? Dalilin tambayar a fili yake. Mutum ya je neman gida a Abuja ko Kaduna, ko a irin sababbin rukunin gidajen da kamfani ke kula da su, sai a ce ya kawo shaida daga inda ya zauna a baya. Shi kuwa ya riga ya kwashe kaya, ya aika mabuɗi ta hannun yaro, rabonsa da mai gidan wata uku.

Rubuta saƙon ba ya ɗaukar minti goma. Abin da ke sa ya yi aiki shi ne abin da aka yi kafin a aika shi, da kuma jerin yadda aka yi. Zan bi matakan da misalin wani ɗan'uwana ma'aikacin jinya da ya zauna shekara uku a gida mai ɗaki biyu da falo a Mabera, kafin aiki ya mayar da shi Kaduna. Kuɗaɗen da zan ambata na gidansa ne, naka zai bambanta.

1. Sanar da tashi da wuri, kuma kai da bakinka

Ka fara da ɗauko takardar yarjejeniyar haya, in akwai ta, ka duba wa'adin sanarwar da aka rubuta. Shi za ka bi. In kuwa da baki aka yi maganar, kamar yadda aka saba a tsofaffin unguwanni, shawarata ka ba da wata biyu zuwa uku idan hayar shekara kake biya, wata guda cur idan ta wata-wata ce. Mai gida yana lissafi da kuɗin nan. Wani da su zai biya kuɗin makarantar yara, wani ya riga ya yi alkawarin biyan bashi da su. In ka faɗa masa saura mako guda, ka ɓata masa lissafi, kuma da wannan zai tuna ka.

Ɗan'uwan nawa hayarsa tana ƙarewa ƙarshen Fabrairu. Tun farkon Disamba ya je ya faɗa, sannan da ya koma gida ya tura gajeren saƙo ta waya yana maimaita ranar da zai fita, don kada a manta ko a yi saɓani.

Gargaɗi: kada mai gida ya fara jin labarin tashinka daga bakin maƙwabci ko dillali. Kuma a wannan zuwan na farko kada ka ambaci takardar shaida ko kaɗan. Lokacinta bai yi ba.

2. Share duk wani bashi da ke bin ƙofarka

Mutane suna ɗauka in sun biya haya shi ke nan. Amma abin da ya fi ɓata sunan ɗan haya bayan tafiyarsa ƙananan basussuka ne da ake zuwa karɓa a hannun mai gida.

Wuta ce kan gaba. Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna, kuma bashin wuta yana zama ne a kan asusun gidan, ba ya bin mutum zuwa sabon gari. In bil ake kawo muku duk wata, ka biya na ƙarshe, ka riƙe rasit, ka ɗauki hotonsa. In mita mai kati ce, ka ɗauki hoton lambar mitar da sauran abin da ke cikinta ranar da za ka fita, ka kuma lura ko ana cirar wani tsohon bashi duk lokacin da ka sa kati. In ana cira, ka tantance na zamaninka ne ko wanda ka tarar ne, ku yi maganar tun yanzu. In kuma mita ɗaya kuke rabawa da sauran 'yan haya, ka je wurin mai tattara kuɗin ka biya rabonka har zuwa ranar fita, a gaban wani.

Sai ruwa: kuɗin famfo in yana zuwa, kuɗin mai ko gyaran injin burtsatse da ake haɗawa, da ɗan bashin mai ga-ruwa da ke kawo muku jarka. Sai kuɗin kwashe shara, da na 'yan sintirin unguwa, da rabonka na yashe masai in an yi shi a zamaninka. Kada ka manta mai shagon bakin layi. Ba ruwan mai gida da wannan bashin, amma wurinsa za a kai ƙara.

Ka haɗa rasit na hayar duk shekarun da ka zauna a ambulan ɗaya. In ta banki kake turawa, ka nemo shaidar kowane biya ka ajiye a wayarka. Za su yi maka amfani a mataki na bakwai, lokacin da za a rubuta ranaku.

3. Gyara abin da ka ɓata, sannan ku zagaya gidan tare

Akwai bambanci tsakanin tsufa da ɓarna. Fentin da ya koɗe saboda rana da ƙurar hunturu tsufa ne, haka silin da ya yi tabo don kwano na yoyo. Waɗannan na mai gida ne. Amma gilashin taga da yaro ya fasa, da kan famfon da ya karye, da hannun ƙofa, da soket da ya ƙone, da ramukan ƙusa, da bangon kicin da hayaƙin gawayi ya baƙanta, naka ne. Ka gyara su kafin ka kira kowa ya duba.

A gidan Mabera, abin da aka kashe shi ne: gilashin taga biyu, kan famfo ɗaya, kwaɗon ƙofar baya, da fentin kicin da bango ɗaya na falo inda yara suka yi zane. Da kayan da ladan masu aiki duka sun tashi kusan naira dubu 30, a gidan da hayarsa ta shekara take dubu 350. Ɗan'uwan nawa ya ga kamar asara ce tunda tafiya zai yi. Na ce masa ya yi, domin in bai yi ba za a cire daga kuɗin ajiyar ɓarna da ya bayar lokacin shiga, kuma a farashin da ba shi ya yi ciniki ba.

Bayan an kwashe kaya an share, ka roƙi mai gida ko wakilinsa ku zagaya da rana, ɗaki-ɗaki. A kunna kowane makunni, a buɗe famfo, a gwada kowane mabuɗi. Ka ɗauki hoto ko ɗan bidiyo, amma ka nemi izini da lafazi mai daɗi: "Alhaji, bari in ɗauka don in an samu mai shiga a nuna mishi." Haka ya fi a ga kana ɗaukar hoto kamar mai tara hujjar kotu.

Gargaɗi: abin da ka ƙara da kuɗinka, kamar tankin ruwa, ko fanka, ko ragar sauro, ko ƙarfen taga, ku yi maganarsa a wannan zagayen. Ko ka cire ka toshe gurbin da kyau, ko ka sayar masa, ko ka bar shi kyauta ka faɗa da bakinka. Cire tanki da dare ba sanarwa ya raba mutane da yawa da masu gidajensu.

4. Tantance wanda zai sa hannu

Wannan matakin gajere ne, amma ana yawan tuntuɓe a kansa. Ba kullum wanda kake miƙa wa kuɗi ne mai gida ba. In dillali ko mai kula da gida ne ke karɓa, shi ya san yadda kake biya, don haka shaidarsa tana da ƙarfi, sai dai a rubuta a fili cewa wakilin mai gida ne. In gidan gado ne, ka nemi wanda magada suka ɗora a kan haya, wanda sunansa ke kan rasit. Kada ka karɓi sa hannun ƙaramin ɗan gida don ya fi sauƙin samu. Duk wanda zai sa hannu, ya zama mai lambar waya da ake samu, domin sabon mai gida kiran waya zai yi, takardar hanya ce kawai ta kaiwa ga wannan kiran.

Godiya kuwa ta kowa ce. Ko dillali ne zai sa hannu, mai gidan na ainihi ya samu gaisuwarka.

5. Je ka yi sallama da ƙafarka

A Sakkwato saƙon waya ba ya maye gurbin zuwa, balle ga dattijo. Ka zaɓi lokacin da yake zaune a natse, bayan La'asar ko bayan Isha'i, a zaure ko ƙofar gida. Kada ka je da tsakar rana lokacin bazara, kada ka tare shi yana hanyar masallacin Juma'a, kuma kada ka yi maganar a rumfar kasuwa yana cikin ciniki. In akwai mutane a wurin, ka gaisa, ka yi godiyarka a gabansu, wannan ma ya fi daɗi. Roƙon takarda ne za ka jira sai an ragu.

In wani ne ya kai ka gidan tun farko, ya tsaya maka, ka tafi da shi. Shi ya ƙulla, ya kamata ya ga an kwance lafiya. Ɗan abin hannu, kamar turare ko dabino ko goro, ba laifi ba ne, amma ka miƙa shi tun wurin gaisuwa, nesa da maganar takarda. In maiɗakinka sun saba da iyalin mai gida, ita ma ta shiga ciki ta yi wa Hajiya sallama. Sau da yawa abin da aka faɗa a cikin gida game da ku shi ke fitowa a bakin Alhaji.

Maganar tana da gaɓa huɗu, kuma jerinsu yana da muhimmanci: godiya, neman yafiya, addu'a, sannan roƙo. Ga kusan yadda ta gudana a Mabera:

"Baba Alhaji, Allah shi ƙara girma. Na zo in yi godiya. Shekara uku munka yi cikin gidanga, ba mu ga komi ba sai alheri. Ban manta ba lokacin da albashi ya yi jinkiri, kun ɗaga mini wata guda ba ku ko turo yaro ba. Zama da mutane sai da saɓani, in akwai abin da ni ko iyalina munka yi, da sani ko ba sani, a yafe muna."

Alhajin ya ce, "Ba komi, Malam, wallahi ba komi. Mu ma ku yafe muna. Allah shi sa can ta fi nan."

Sai da aka shafa addu'a, aka ɗan taɓa hirar Kaduna, sannan ɗan'uwan nawa ya ce: "Baba, akwai alfarma guda da nike nema. Inda za ni, ba su ba da gida sai da shaidar wanda mutum ya zauna wurinshi. In ba damuwa, zan rubuto 'yar takarda, a karanta muku, in kun ga daidai ne ku sa mini hannu."

Ka lura da abu biyu. Ya ambaci alheri guda takamaimai, wanda ya faru da gaske. Godiyar da ba ta da misali kowa na iya yinta, amma wadda ta tuna wa mutum wani kirki da ya yi tana shiga zuciya. Hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, to a yi godiyar da gaskiya, a nemo abin da ya cancanta ko da ƙarami ne. Na biyu, ya ɗauke wa dattijon wahalar rubutu. Yawancin masu gida ba ƙin ba da shaida suke yi ba, zaman rubutawar ne ke gagararsu, sai a yi ta "ka dawo gobe" har ranar tafiya.

Gargaɗi: kada ka haɗa maganar kuɗin ajiya da wannan zaman. In ka ba da kuɗin ajiya na ɓarna lokacin shiga, ku gama lissafinsa a ranar zagayen gida. Idan godiya da neman kuɗi da roƙon takarda suka taho a numfashi ɗaya, godiyar ce ke mutuwa.

6. Rubutaccen saƙon godiya

A daren da ka je, ko washegari, ka tura saƙo. Amfaninsa biyu: yana tabbatar da abin da aka faɗa da baki, kuma in mai gida yana nesa, a Abuja ko ƙasar waje, shi ne zai tsaya a madadin ziyara bayan ka kira shi. Ga samfuri, ka sauya shi ya dace da kai:

"Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Da fatan kuna lafiya tare da iyali. Ni ne Malam Wane, ɗan hayarku na gidan Mabera. Ina ƙara godiya bisa zaman shekara uku da muka yi a gidanku cikin mutunci, musamman haƙurin da kuka yi da ni lokacin da albashi ya yi jinkiri. Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a gidan da zuri'a. In akwai inda muka saɓa, ni da iyalina, muna neman yafiya. In Allah ya yarda zan miƙa mabuɗi ranar 28 ga Fabrairu. Kuɗin wuta da na ruwa duk an biya, rasit yana hannuna. Kamar yadda na roƙa, zan kawo takardar shaidar zama ranar Laraba bayan La'asar don ku duba, in lokacin ya yi muku. Na gode ƙwarai."

Abin da ke cikinsa ke nan: wane ne kai da wane gida, domin mai gidaje da yawa ba lallai ya ajiye lambarka ba; godiya mai misali; yafiya; ranar fita; an biya komai; sannan roƙo da rana takamaimiya. Kada ya wuce haka. Dogon saƙo ba a karanta shi har ƙarshe, roƙon kuwa a ƙarshe yake.

Yi masa magana da "ku" in ya girme ka ko yana da matsayi. Hajiya dattijuwa, "Hajiya Inna" ko "Mama", gwargwadon yadda ka saba kiranta. In sa'anka ne, "Alhaji" ko "Malam" da "kai" ya wadatar. In mai sarauta ne, ka kira sarautar da "ranka ya daɗe". Mace 'yar haya da ke rubuta wa namiji mai gida ta tsaya a kan gaisuwa da magana kai tsaye, in kuma mijinta ko yayanta ne ya karɓi hayar tun farko, ya fi sauƙi saƙon ya fito ta hannunsa, amma takardar ta ɗauki sunan wanda zai nemi sabon gidan.

In ka san ba ya karanta boko sosai, ka yi masa saƙon murya a WhatsApp, wanda bai wuce minti ɗaya ba, sannan ka tura rubutaccen a ƙasa don ɗansa ya karanta masa.

Gargaɗi: kada ka saka ƙorafi. "Duk da cewa ba a taɓa gyara mana rufi ba, mun gode" ba godiya ba ce. In akwai abin da gidan ke buƙata, ka faɗa a wurin zagaye a matsayin shawara don mai shigowa. Kuma kada ka tura roƙon a zauren WhatsApp na 'yan haya, tsakaninku ne.

7. Tsara takardar shaida

Kafin ka rubuta, ka tambayi sabon dillali ko kamfanin me suke so. Wasu suna da fom nasu da tsohon mai gida zai cike, wasu wasiƙa suke so, wasu lambar waya kawai. Ka tambayi kuma harshen. In da Turanci suke so, a buga ta da Turanci, amma a fassara wa mai gida kowace jimla kafin ya sa hannu. Ni na fi son a buga biyun a shafi ɗaya, Hausa a sama, Turanci a ƙasa, don ya san abin da ya shaida.

Ga abin da aka rubuta a ta Mabera, da sunaye a ɓoye:

"Ga duk wanda abin ya shafa. Ni Alhaji Wane, mai gida mai lamba kaza a unguwar Mabera, Sakkwato, ina shaida cewa Malam Wane ya yi haya a gidana, ɗaki biyu da falo, daga 1 ga Maris 2022 zuwa 28 ga Fabrairu 2025. Ya biya kuɗin hayarsa duka, ba na bin sa komai. Ya zauna lafiya da maƙwabta, ya kuma bar gidan cikin kyakkyawan yanayi. Ya tashi ne don kansa, saboda sauyin wurin aiki. Mai neman ƙarin bayani yana iya kirana a wannan lamba."

Sai suna, sa hannu, kwanan wata, lambar waya.

Kowace jimla a nan tana amsa tambayar da sabon mai gida ke yi a ransa: ya daɗe a wuri ɗaya? yana biya? mai fitina ne? zai lalata mini gida? korarsa aka yi? Jimlar dalilin tashi ita ce mutane suka fi mantawa, alhali ita ce ke kawar da zargin kora.

Ka duba yadda aka rubuta maganar biya. Ba a ce "bai taɓa jinkiri ba", domin ya taɓa, wata guda. An ce ya biya duka, ba a bin sa komai, wanda gaskiya ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shaida amana ce, bai dace ka sa dattijo ya sa hannu a kan abin da ya san ba haka ba ne. Ban da haka, in aka kira shi a waya zai faɗi abin da ya tuna, in ya saɓa wa takarda, kai za a ɗauka maƙaryaci. Ka guji kuma cika yabo irin "mutumin da ba a taɓa ganin irinsa ba". Mai karantawa zai gane kai ka rubuta wa kanka.

Sunanka ya zama daidai da wanda ke kan katin shaidarka na ƙasa, ba sunan da ake kiranka a unguwa ba. Ranakun kuma ka ɗauko su daga rasit. Kuɗin haya ba dole ne a rubuta ba sai in an nema, wasu masu gida ma ba sa son a bayyana shi.

Ka kai shagon buga takardu a buga kwafi biyu. Shafi ɗaya ne, kuɗinsa kaɗan ne. Ka tafi da biro mai kyau. In mai gidan da ajami ko Larabci yake sa hannu, ya yi abinsa, sa hannu ne. In dangwale yake yi, ka tafi da tawada, kuma wani baligi, ɗansa ko maƙwabci, ya sa hannu a matsayin shaida. In kamfanin dillanci ne, ka roƙi su buga a takardarsu mai tambari su sa hatimi.

8. Sa hannu kafin mabuɗi

Ka karɓi takardar kwana biyu ko uku kafin tafiya, in ya gagara to a zaman miƙa mabuɗi. Bayan ka bar gari, abin da zai ɗauki minti biyar sai ya koma mako uku na kiran waya.

Ka karanta masa da ƙarfi, ka ce in akwai abin da yake so a cire ko a ƙara a faɗa. In ya gyara, ka koma a sake bugawa, kada a yi karce a jikin takarda. Ka nemi izininsa a fili kan lambar waya: "Za su iya kiranku, na ba da lambar?" Ya riƙe kwafi ɗaya, kai ɗaya. Nan take ka ɗauki hotonta a wuri mai haske, ka tura wa kanka ko wani ɗan'uwa, saboda takardu suna ɓata a cikin kayan ƙaura.

Mabuɗai kuwa ka ƙirga su a hannunsa, har da waɗanda ka yanka daga baya da na ƙofar waje.

9. In zaman bai yi daɗi ba, ko ya ƙi

Ba kowace haya ke ƙarewa da addu'a ba. In kun taɓa samun saɓani, kada ka fara da saƙo, ka fara da mutum: limamin masallacin unguwa, ko mai unguwa, ko dattijon da yake jin nauyinsa. Ku je tare, a yafi juna. Sannan ka rage abin da kake roƙo. Takardar da ta ce ka zauna daga rana kaza zuwa rana kaza kuma ba a bin ka bashi ta isa, ko babu yabon hali a ciki. Mutumin da ba zai yabe ka ba yana iya yarda ya shaida abin da rasit ya riga ya nuna.

In akwai sauran bashin haya, kada ka nemi a rubuta babu. Ku rubuta yarjejeniyar biya, nawa ne, yaushe, da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi. Ka biya, sannan ka nemi takardar.

In kuma ya ƙi sam, kada ka yi musu, kada kuma ka ƙirƙiri takarda ko ka sa aboki ya amsa waya a matsayin mai gida. Wannan zamba ce, kuma tambaya biyu ke tona ta. Ka haɗa rasit ɗinka na haya da na wuta, ka nemi takardar mai unguwa ko ta wurin aikinka, ka gaya wa sabon mai gida gaskiyar cewa tsohon bai ba da takarda ba amma ga shaidar biya. Saƙon godiyar kuwa ka tura masa duk da haka, gajere, ba roƙo a ciki, ba gugar zana.

10. Bayan ka isa

Ranar da ka miƙa takardar a sabon wuri, ka kira tsohon mai gidanka ka ce an sauka lafiya, kuma wataƙila baƙuwar lamba za ta kira shi cikin kwanakin nan, ka faɗa masa sunan wanda zai kira. Dattawa da yawa ba sa ɗaukar lambar da ba su sani ba, in sun ɗauka kuma aka fara tambayarsu game da wani, sai su ce ba su san shi ba don tsoron 'yan damfara. Alhajin Mabera sau biyu yana ƙin ɗauka, sai da ɗan'uwan nawa ya kira ɗansa ya ce a gaya wa Baba mai kiran nan dillalin Kaduna ne. A kira na uku aka yi magana, washegari aka ba shi lambar asusun da zai biya hayar sabon gida.